Maitosis da Mayosis: Darasi Daga Saiwar Albasa da Furenta

Alfadari dabba ce mai ƙarfi. Ubansa jaki, uwarsa goɗiya. Ya ɗebo juriyar uba, ya haɗa da girman uwa. Yana ci yana ƙiba, yana ɗaukar kayan da jaki zai durƙusa a ƙarƙashinsu, kuma idan mangala ta ji masa ciwo a baya, ciwon yakan warke kamar na kowace dabba. Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato haihuwa, in ban da 'yan lokuta ƙalilan da aka ga alfadara ta haihu. Ɗalibin da ya iya bayyana dalilin da ya sa jikin alfadari ke girma lafiya lau amma zuri'a ta ƙi, to ya riƙe babin rabuwar sel a hannu, ko WAEC ce ta tare shi, ko NECO, ko JAMB.

Yawancin ɗalibai da hadda suke shiga wannan babi. Malam ya zana jadawali a allo: maitosis yana ba da sel biyu, mayosis huɗu, wannan na girma ne, wancan na haihuwa, wannan yana riƙe adadin kuromosom, wancan yana raba shi biyu. Duk gaskiya ne, kuma akwai maki a ciki. Amma da zarar mai tambaya ya kawo zane ya ce a faɗi matakin da sel yake, ko ya ce kuromatid nawa ne a wuri kaza, sai hadda ta watse. A ganina ba jadawalin ne ya kamata a fara da shi ba. Duk layukan da ke cikinsa daga abu ɗaya suka fito: a mayosis kowane kuromosom yakan nemi takwaransa su haɗu kafin a rabu, a maitosis kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Idan ka ga wannan da idon zuci, kai da kanka za ka iya rubuta jadawalin ba tare da ka taɓa haddace shi ba.

Fara da iya ƙirga

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda a aji muke kira sel. A cikin sel akwai nukiliyas, a cikinsa kuma akwai kuromosom, wato dogayen zaruruwan DNA masu ɗauke da ƙwayoyin gado. Kowane jinsi da adadinsa. Mutum yana da 46, gero 14, masara da dawa 20 kowanne, wake 22, saniya 60. Yawan ba shi ne daraja ba, don kaza ma tana da 78. Ko na mutum ɗin, an daɗe ana rubuta 48 a littattafai, sai a 1956 Tjio da Levan suka ƙirga da kyau suka tabbatar 46 ne. Ka ga ashe ƙirga kuromosom ya taɓa kayar da manya.

A wannan darasi albasa za mu riƙe, irin wadda ake nomawa a Aliero ko Galmi, domin ita ce aka fi dubawa a ɗakin gwaji. Sel ɗinta yana da kuromosom 16. Amma ba 16 ne barkatai ba. 8 ne kashi biyu. Takwas sun zo ta garin fure, wato ɓangaren uba, takwas ta ɓangaren uwa. Kowane ɗaya daga na uba yana da takwara a cikin na uwa: tsawonsu ɗaya, siffarsu ɗaya, suna ɗauke da ƙwayoyin gado na halaye iri ɗaya a gurabe iri ɗaya, sai dai abin da ke rubuce a gurbin yana iya bambanta. Su ne ake kira homologos. Sel mai kashi biyu shi ne difuloyid, ana rubuta shi 2n. Mai kashi ɗaya kuwa hafuloyid, ana rubuta n. A albasa 2n = 16, n = 8.

Ga inda ƙafar ɗalibai ta fi zamewa. Kafin sel ya rabu, kowace irin rabuwa ce, sai ya kwafi DNA ɗinsa tukuna, a lokacin da ake kira intafes. Bayan kwafin, kowane kuromosom ya zama zare biyu masu kama da juna sak, manne a wuri ɗaya da ake kira sentiromiya. Kowane zare sunansa kuromatid. To, kuromosom nawa ke nan a sel ɗin albasa bayan kwafi? Har yanzu 16 ne. Kuromatid ne suka zama 32.

Ɗauka kana da littattafan rubutu biyu na Bayoloji, ɗaya na ajin su yayanka, ɗaya na ajin su yayarka. Babi-babinsu ɗaya, jerinsu ɗaya, amma kalmomin ciki ba lallai su zo ɗaya ba. Waɗannan su ne takwarori. Sai ka kai kowanne aka yi masa fotokofi, aka manne kwafin da asalin da fil. Asali da kwafinsa su ne tagwayen kuromatid, fil ɗin kuma sentiromiya. Idan aka ce ƙunshi nawa ne a hannunka, fil za ka ƙirga, ka ce biyu, ko da yake kwafi huɗu ne. Ranar da aka cire fil ɗin, kowane kwafi ya zama littafi mai zaman kansa. Ƙa'idar ke nan: muddin tagwaye suna manne a sentiromiya, kuromosom ɗaya ne, da zarar sun rabu, biyu ne.

Abin da ke faruwa a bakin saiwa

Idan makarantarku tana da madubin maikuroskof, maitosis abu ne da za ka gani da idonka. A ɗora albasa a bakin kofi mai ruwa, gindinta yana taɓa ruwan. Cikin 'yan kwanaki fararen saiwoyi za su fito. A yanke bakin saiwar, kamar milimita 2 zuwa 3 kawai, domin nan ne sel ke rabuwa. Can sama sel sun daina rabuwa, tsawo suke yi. A saka guntun cikin asid na haidurokulorik mai rauni, a ɗumama shi na 'yan mintuna don sel su saki juna, a ɗiga masa rini irin su aseto-osin mai kama kuromosom, a rufe da siririn gilashi a danna a hankali. Wannan aiki ne na gaban malami, ba na ɗakin girki ba.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne yawancin sel ɗin ba sa yin komai da ido zai gani. Nukiliyas ne kawai dunƙule, mai duhu. Suna intafes ne, kuma sel yakan ci mafi yawan rayuwarsa a nan, yana girma, yana kwafin DNA. Tsofaffin littattafai suna ce masa lokacin hutu, amma kada ka rubuta haka; babu lokacin da sel ya fi aiki kamarsa. Kuma ba ya cikin matakan maitosis, share fage ne.

Ka ci gaba da dubawa, za ka ci karo da sel ɗin da zaruruwa suka bayyana a cikinsa, sun naɗe sun yi kauri. Wannan furofes ne. Kuromosom 16 ne, kowanne da tagwayensa. Fatar nukiliyas tana wargajewa, wasu siraran zaruruwa da ake kira sifindil suna miƙowa daga ƙarshen sel biyu. Lura da abin da bai faru ba: babu kuromosom ɗin da ya kula takwaransa. Na uba yana nan, na uwa yana can, ba ruwan wani da wani.

A metafes dukkan 16 ɗin sukan jeru a tsakiyar sel, sahu ɗaya tak. Kowane kuromosom zaren sifindil biyu ne ke riƙe da shi, ɗaya daga wannan ƙarshe ya kama tagwai ɗaya, ɗaya daga wancan ƙarshe ya kama ɗayan. Sai anafes: abin da ya manne tagwaye ya saki, aka ja kowanne gefe guda. A wannan ɗan lokaci, tunda tagwaye sun rabu kuma sel bai tsage ba tukuna, kuromosom 32 ne a cikinsa, 16 suna tafiya nan, 16 can. Masu tambaya suna son wannan gurbi ƙwarai. A telofes kowane rukuni ya isa, sabuwar fatar nukiliyas ta kewaye shi, zaruruwan suka warware. Daga nan jikin sel ɗin ya rabu. A tsiro sabon bango ne ke ginuwa a tsakiya. A dabba kuwa sel yakan tsuke ta ƙugu har ya tsinke biyu.

An fara da sel ɗaya mai 16, an ƙare da biyu, kowanne 16, kowanne kwafin uwarsa. Walther Flemming, Bajamushen da ya bi waɗannan matakai a sel ɗin wata dabba dangin kwaɗo da ake kira salamanda, shi ya raɗa wa abin suna a littafinsa na 1882.

Da maitosis ne jariri ke zama saurayi, da shi fata ke rufe miki, da shi ɓargo ke samar da sababbin ƙwayoyin jini, tunda jar ƙwayar jini kwana 120 ne kimanin rayuwarta. Manomin rogo ko rake da ke dasa kara, da mai dasa yaɗon dankali, duk da maitosis suke aiki, shi ya sa abin da ya tsiro yake fitowa irin uwarsa sak. Idan kuma birkin da ke tsayar da wannan rabuwa ya lalace, sel suka yi ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa, shi ne ciwon daji.

Abin da ke faruwa a cikin fure

Bar albasar nan a gona har ta fitar da kara ta yi fure. A cikin furen akwai 'yan jakunkuna masu samar da garin fure, akwai kuma ma'ajiyar ƙwai a gindi. Nan ne kaɗai a jikin albasa ake mayosis. A mutum kuwa a maraina ne ga namiji, a ma'ajiyar ƙwai ga mace.

Me ya sa ake buƙatar wata rabuwa dabam? Lissafi ne. Da garin fure zai zo da 16, ƙwai ya zo da 16, da iri ya fito da 32, jikoki 64, a haka har abin ya fi ƙarfin sel. Dole a rage kowane ɓangare zuwa rabi kafin a haɗu. Edouard van Beneden ya ga haka a 1883 a jikin wata tsutsar ciki ta doki: ƙwai da maniyyi kowanne rabin adadi ya kawo. Amma rabin ba kowane rabi ba. Ba a ɗebo takwas da ka cikin sha shida. Dole kowane ɗa ya sami ɗaya daga kowane takwarori, don kada ya sami wani babi sau biyu ya rasa wani ɗungurungum. Hanyar tabbatar da haka kuwa ita ce a haɗa takwarori wuri ɗaya tukuna, sannan a raba su.

Sel ɗin yana farawa kamar na saiwa: an yi kwafi a intafes, kuromosom 16, kuromatid 32. A furofes na ɗaya ne hanya ta rabu. Kowane kuromosom ya nemo takwaransa, suka manne gefe da gefe tun daga kai har ƙafa, gurbi yana fuskantar gurbi. Wannan haɗuwa ita ce sinafsis. Abin da aka samu ƙunshi 8 ne, kowanne mai kuromosom biyu, kuromatid huɗu. Littafinka zai kira ƙunshin baibalent ko tetirad. Abu ɗaya ne, wani ya ƙirga kuromosom, wani ya ƙirga kuromatid.

Suna manne ɗin nan sai wani abu ya faru. Kuromatid na uba da kuromatid na uwa sukan karye a gurbi ɗaya, su yi musanyar guntaye, su sake haɗewa. Wurin da suka sarƙe, wanda ake gani a madubi kamar gicciye, sunansa kayazma. Ka kula da kyau: musanyar tsakanin kuromatid na takwarori take, ba tsakanin tagwaye ba. Tagwaye abu ɗaya ke rubuce a jikinsu, ko sun yi musanya babu sabon abin da zai fito. Bayan wannan ciniki, an sami zaren da kansa na uba ne, wutsiyarsa ta uwa, haɗin da babu shi a jikin iyayen. Sarƙewar tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: ita ce ke riƙe takwarori tare har lokacin rabuwa ya yi. Wannan mataki shi ne mafi tsawo a mayosis.

A metafes na ɗaya ƙunshi 8 ɗin suka jeru a tsakiya, amma sahu biyu, takwara yana fuskantar wannan ƙarshe, takwaransa wancan. Babu dokar da ta ce na uba duka su fuskanci gefe ɗaya. Kowane ƙunshi yakan juya yadda ya faɗo, ba ruwansa da na kusa da shi. Tunda kowanne hanya biyu gare shi, a albasa akwai jeri iri 2⁸, wato 256. A mutum mai ƙunshi 23, 2²³ ne, wato 8,388,608, tun ba a sa musanyar guntaye a lissafi ba. Shi ya sa 'yan uwa ciki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da kamarsa. Shi ya sa kuma mai lambun da ya shuka ƙwallon mangwaro mai zaƙi ba shi da tabbacin abin da zai samu, sai ya gwammace ya yi aure da reshen bishiyar da ya sani.

Anafes na ɗaya shi ne zuciyar babin. Takwarori ne ke rabuwa, tagwaye suna nan manne. Sentiromiya ba ta saki ba. Kuromosom 8 suka tafi nan, 8 can, kowanne yana jan zarensa biyu. Idan sel ya tsage, kowane ɗa yana da kuromosom 8, kuromatid 16. An riga an rage adadi. Ɗalibai da yawa suna zaton sai a rabuwa ta biyu ake zama hafuloyid. A'a, tun nan aka zama, domin babu sauran mai takwara a cikin sel.

Tsakanin rabuwa ta ɗaya da ta biyu ba a sake kwafin DNA. Rabuwa ta biyu kuwa ba sai mun daɗe a kanta ba, don salonta na maitosis ne, sai dai da kuromosom 8 ake yi: su jeru sahu ɗaya, tagwaye su rabu, kowane sel ya tsage biyu. An ƙare da sel huɗu, kowanne da kuromosom 8 masu zare ɗaya-ɗaya, kuma da wuya ka sami biyu da suka zo ɗaya. Kwafi sau ɗaya, rabuwa sau biyu: 32 raba huɗu, 8. A maitosis kwafi sau ɗaya, rabuwa sau ɗaya: 32 raba biyu, 16.

Yanzu amsar alfadari ta fito fili. Doki yana da 64, ƙwan goɗiya ya kawo 32. Jaki yana da 62, maniyyinsa ya kawo 31. Alfadari ya tashi da 63. Maitosis bai damu ba, tunda ba ya neman takwara. 63 su jeru sahu ɗaya, tagwaye su rabu, kowane sel ya sami 63 cif, jiki ya ginu. Amma a mayosis sai an haɗa takwarori, kuma matsalar ba ta tsaya ga guda ɗayan da ya yi saura ba: kuromosom na doki da na jaki sun sha bamban a siffa da jeri, ba sa haɗuwa yadda ya kamata. Rabuwar sai ta cije, ba a samun lafiyayyen maniyyi ko ƙwai.

Akwai misalin da ya fi kusa da gida. Ƙwayar gadon da ke jawo sikila tana kan kuromosom na 11. Mai jinin AS yana da A a kan ɗaya, S a kan takwaransa. Duk sel ɗin jikinsa da maitosis ya samar AS ne. Amma mayosis yakan raba su, rabin ƙwayoyin haihuwarsa su ɗauki A, rabi S. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki sabon lissafi ne. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare na bayansa. Wannan ne ya sa ake matsa wa masu shirin aure su yi gwajin jini, kuma babin gado da za ka karanta nan gaba a kan wannan rabuwa ya zauna.

Wani lokaci kuma rabuwar kan kuskure: takwarori su ƙi rabuwa a anafes na ɗaya, ko tagwaye a na biyu, su tafi gefe guda tare. Sai ƙwai ko maniyyi ya fito da 24 maimakon 23. Idan kuromosom na 21 ne, jaririn zai zo da guda uku, jimla 47, abin da likitoci ke kira lalurar Down. A 1959 aka gano haka a Faransa. Ƙwayayen mace sukan fara mayosis tun tana cikin mahaifiyarta, su tsaya a furofes na ɗaya shekara da shekaru, sai lokacin fitar kowane ƙwai ya ci gaba. Wannan doguwar jira tana cikin dalilan da suka sa kuskuren ya fi aukuwa idan shekarun uwa sun ja. Ba laifin kowa ba ne, kuma yana iya zuwa ta ɓangaren uba.

Ranar jarrabawa

Zane ne ya fi kayar da mutane, alhali tambaya biyu ko uku ke warware shi. A ce an gaya maka wata halitta tana da 2n = 6, aka zana sel. Idan ka ga kuromosom a tsakiya, duba sahu. Ƙunshi uku, biyu-biyu suna fuskantar juna, metafes na ɗaya ne na mayosis. Guda shida a sahu ɗaya, maitosis ne. Guda uku kacal a sahu ɗaya, kowanne da tsawonsa dabam, metafes na biyu ne. Idan kuma ana jan su zuwa gefe, duba abin da ake ja. Mai zare biyu ne har yanzu? Anafes na ɗaya. Zare ɗaya-ɗaya ne? To ƙirga na gefe guda: shida, maitosis, uku, anafes na biyu. Ko ba a ba ka 2n ba, nemi takwarori a gefe gudan. Idan ka ga dogo biyu, matsakaici biyu, gajere biyu, difuloyid ne. Idan kowanne shi kaɗai ne a irinsa, hafuloyid ne.

Wasu jimloli na jadawali kuma suna da iyaka, yana da kyau ka san ta. Ana cewa mayosis yana ba da ƙwayoyin haihuwa huɗu. Ga namiji haka ne, maniyyi huɗu. Ga mace kuwa rabon ba daidai ake yi ba: sel ɗaya ne ke kwashe kusan dukkan abin ciki ya zama ƙwai, sauran 'yan mitsi-mitsi ne da ke lalacewa. Don haka idan aka ce sel 10 sun yi mayosis a maraina, maniyyi 40. A ma'ajiyar ƙwai, ƙwai 10.

Ana kuma cewa maitosis na difuloyid ne. Ba dole ba. Sel hafuloyid yana yin maitosis lafiya, tunda ba a buƙatar takwara. Abin da ba zai iya ba shi ne mayosis. A furen albasar nan ma, sel huɗun da mayosis ya bayar ba su ne ƙwayoyin haihuwa kai tsaye ba. Kowanne sai ya sake rabuwa ta maitosis, da kuromosom 8 ɗinsa, kafin a sami ƙwayoyin namiji da garin fure ke kaiwa. Haka nan kada ka ce babu maitosis a maraina. Da shi ake yawaita sel ɗin da daga baya za su shiga mayosis, shi ya sa ba sa ƙarewa.

Idan aka ce ka kawo bambance-bambance a jadawali, kowane layi ya zama magana ɗaya ce ta fuska biyu. Kada ka rubuta adadin sel a hagu, ka rubuta wurin aukuwa a dama; mai maki ba zai ba ka komai ba. Kuma idan aka nemi kamanceceniya, tana nan: duka biyun kwafin DNA ke gabatarsu, duka suna amfani da sifindil, duka suna bin matakai huɗu masu suna ɗaya, a duka kuma akwai lokacin da tagwaye ke rabuwa.

Kafin ka rufe littafi yau, ɗauki biro biyu, ja da shuɗi. Ja na uwa, shuɗi na uba. Zana sel mai kuromosom huɗu, dogo biyu, gajere biyu, ka bi da shi ta maitosis, sannan ta mayosis, kana rubuta adadin kuromosom da na kuromatid a ƙarƙashin kowane mataki. A maitosis ka ƙare da sel biyu masu huɗu-huɗu, kowanne da ja biyu da shuɗi biyu. A mayosis ka ƙare da sel huɗu masu biyu-biyu, kowanne dogo ɗaya gajere ɗaya, wasu zaruruwan da ɗan ja a jikin shuɗi. Idan wani sel ya fito da dogo biyu, koma anafes na ɗaya, a nan ka yi kuskure. Sannan ka maimaita da adadin gero, 14, ba tare da ka leƙa littafi ba.